Yadda ake karanta zane biyu na I Ching a kan soyayya

I Ching tsohon littafin duba ne na ƙasar Sin, mai zane 64, kowanne da layi shida. Masu amfani da shi a kan soyayya sukan fitar da zane biyu: na asali, mai nuna halin da ake ciki yanzu, da na biyu, mai nuna inda lamarin ya karkata.

Da farko ka rubuta tambaya ɗaya, kamar "Ina alaƙarmu ta dosa?" Ka guji tambayar da amsarta e ce ko a'a. Sai ka ɗauki sulalla uku, fuska mai hoto maki 3, ɗayar maki 2, ka jefa sau shida, kana jera layukan daga ƙasa zuwa sama. Idan jimla ta zama 7 ko 9, ja layi miƙaƙƙe. Idan 6 ko 8, layi mai tsaga a tsakiya. Layukan 6 da 9 su ne masu juyawa. Juya su zuwa kishiyarsu, zane na biyu ya fito. In babu ko ɗaya, zane guda za ka karanta.

A ce ka samu 8, 8, 7, 7, 7, 6. Wannan shi ne zane na 31, Xian, tafki a kan dutse, alamar zukata biyu da ke jan juna. Nan mutane ke yin gaggawa, su rufe littafi da murna. Dakata ka karanta layin da ya juya, domin shi ne ke faɗin ta ina canjin zai shigo. Layi na shida yana maganar muƙamuƙi da kumatu da harshe, wato so da ya tsaya a daɗin baki. Da ka juya shi sai ka samu zane na 33, Dun, ja da baya. Haɗe su ka karanta: ƙauna tana nan, amma in hira ce kullum ba a taɓa zancen turo magabata ba, ɗayanku zai fara janye jiki.

Da a ce jifa ta huɗu ta ba da 9, layi biyu ne za su juya, kuma zane na biyu zai zama na 53, Jian, ci gaba sannu a hankali, wanda ke ambaton aurar da budurwa. Mafarin ɗaya ne, amma wannan karon son ya bi hanyar aure daki-daki.

A ganina babban kuskure shi ne ɗaukar zane na biyu a matsayin hukuncin da aka yanke. Yana nuna inda za a je ne muddin hali bai canza ba. Kuma kada ka sake jefawa don amsar ba ta yi maka daɗi ba. Zane na 4 ya yi gargaɗi a kan maimaita tambaya sau biyu, sau uku.