Yadda na gyara teburin auna tayin masu kawo kaya

Kamfaninmu da ke Ikeja zai sayi janareta, masu kawo kaya uku suka turo tayi. Muka raba maki 100: farashi 40, inganci 35, lokacin kawowa 15, gyara bayan saye 10. Da aka tara, mafi tsada ne ya zo na ɗaya, alhali ingancinsa bai fi na saura da yawa ba.

Ashe matsalar tana layin farashi. Teburin yana ba wa tayi mafi tsada maki mafi yawa, kamar yadda yake yi wa inganci, alhali a farashi mai araha ne ya kamata ya ci. Na canza lissafin: a raba farashi mafi ƙanƙanta da farashin kowane tayi, a ninka da 40. A Excel, inda farashin masu kawo kayan uku yake a B2 zuwa B4:

```
=MIN($B$2:$B$4)/B2*40
```

Tayin naira miliyan 20 ya kwashe 40 cif, na miliyan 22 ya samu 36.4, na miliyan 25 ya tsaya a 32. Shugabanmu ya ce, "Malam, ashe mai araha ya cinye kenan?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." A inganci 21 kawai ya samu cikin 35, kuma ba shi da injiniya a Legas, wanda a ganina babbar illa ce ga janaretan da zai riƙa aiki kullum. Mai miliyan 22 ne ya zo na ɗaya. Rabon makin kuwa ban taɓa shi ba, domin canza shi bayan an buɗe tayi son kai ne.