Kurakuran da aka fi yi wajen riƙe kaya kafin kuɗi su shigo

A ce wayar salula ɗaya ce ta rage a ma'ajiyar wani shagon intanet, mutum biyu suka danna saye a daƙiƙa guda. Manhajar ta karanta lissafi ta ga saura ɗaya, ta amsa wa na farko. Kafin ta rubuta ragin, ta sake karantawa domin na biyu, ta ga har yanzu ɗaya, shi ma ta amsa masa. An sayar da waya ɗaya sau biyu ke nan. Wannan shi ne kuskuren farko: a duba daban, a rage daban. Gyaransa shi ne a haɗa dubawa da riƙewa cikin umarni guda:

```sql
UPDATE stock SET reserved = reserved + 1
WHERE id = 42 AND on_hand - reserved >= 1;
```

Idan umarnin ya taɓa layi ɗaya, an riƙe. Idan bai taɓa ko ɗaya ba, kaya ya ƙare, sai a gaya wa mai saye tun kafin ya kai shafin biya. A PostgreSQL na biyu zai jira na farko ya gama, sannan a sake auna sharaɗin, sai ya tarar ba saura. Ka lura kuma ba a taɓa `on_hand` ba. Abin da ke kan kanta daban, abin da aka yi alkawarinsa daban. Wanda ya cakuɗa su, ranar ƙirgen kaya zai rasa inda lissafi ya karkace.

Amma inda aka fi shan wuya shi ne wajen saki. A ce wa'adin riƙewa minti 15 ne, an yi oda ƙarfe 10:00. Mai saye ya tsaya jiran lambar tabbatarwa daga banki, ya biya 10:14 da daƙiƙa 50. Saƙon kamfanin biya bai iso ba sai 10:15 da daƙiƙa 20. A tsakani, aikin da ke share odojin da wa'adinsu ya cika ya riga ya sake wayar, wani ya ɗauke. Kuɗi sun shigo, kaya babu. Alamarsa a rumbun bayanai ita ce oda da aka biya bayan lokacin da aka rubuta ta mutu, ko `reserved` ya koma ƙasa da sifili saboda an rage shi sau biyu.

Maganin shi ne oda ta fita daga matsayin jira sau ɗaya tak, wanda ya riga shi ya ci:

```sql
UPDATE orders SET status = 'expired'
WHERE id = 901 AND status = 'pending';
```

Sai wannan ya taɓa layi ɗaya za a rage `reserved`, kuma a yi duka biyun a dunƙule, ko su tabbata tare ko su faɗi tare. Ɓangaren karɓar kuɗi shi ma haka zai yi da `paid`. Wannan kuma ya magance saƙon da ya zo sau biyu, domin kamfanonin biya sukan sake turowa idan ba su ji amsa ba.

To, idan kuɗin suka iso bayan oda ta mutu fa? Kada a yi shiru, kada kuma a farfaɗo da ita ido rufe. A sake gwada umarnin riƙewa: in akwai kaya, a ci gaba, in babu, a mayar da kuɗi nan take, a sanar da mai su. Ni a ganina ya fi kyau ma kafin saki a tambayi kamfanin biya halin da ake ciki, a rufe shafin biyan, sannan a saki kayan.

Nan ne wani kuskure ke ɓuya, wato agogo biyu da ba su jitu ba. Shafin Stripe Checkout, wato shafin biya na kamfanin Stripe, in ba ka saita `expires_at` ba, yakan zauna a buɗe awa 24, kuma mafi ƙarancin da za ka iya sa masa minti 30 ne. Ka riƙe kaya minti 15, ka bar ƙofar biya a buɗe kwana guda, ai ka gayyato matsalar da kanka. Sai a sa wa'adin riƙewa ya ɗara na shafin biya da 'yan mintoci.

Sai mai sharar kansa, wato aikin da ke share odojin da wa'adinsu ya cika. A WooCommerce, manhajar shago ta WordPress, akwai saitin `Hold stock (minutes)`, wanda yakan zo da 60. Amma WP-Cron, mai tayar da ayyukan da aka sa wa lokaci a WordPress, ba ya tashi sai wani ya ziyarci shafin, don haka aikin da ya dogara da shi yakan makara a shago mai ƙarancin baƙi, sai a haɗa shi da `cron` na uwar garke. In kai ka rubuta naka, sa ido kan abu ɗaya: yawan odojin da ke `pending` alhali wa'adinsu ya wuce. In adadin yana hawa, mai sharar ya tsaya, kuma shafinka na cewa kaya ya ƙare alhali suna nan jibge a kanta.