Babi na Shida: Gyaran Kalar Hoto a Waya

Wannan babi na masu ɗaukar hoton haja ne su tura wa masu saye: atamfa, shadda, leshi, mayafi, takalma. Za mu yi aiki da hoto guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Hoton farar shadda ce da shuɗin leshi a gefenta, an ɗauka a cikin shago a Kantin Kwari, ƙarƙashin ƙwan lantarki mai hasken rawaya. A ido shaddar fara ce sol, amma a hoto ta koma ruwan madara, leshin ya dushe, komai ya yi kamar an ɗauka cikin hazo.

Ku san wannan tun yanzu: hoto ƙananan ɗigo-ɗigo ne jere da juna, ana ce musu fiksel. Gyaranmu ba ya ƙara ko ɗaya a cikinsu. Kalar kowane ɗigo da haskensa kawai muke daidaitawa, shi ya sa hoton zai fito garau alhali girmansa yana nan yadda yake. Idan hannu ne ya girgiza hoton ya yi dishi-dishi, wannan babi ba zai gyara shi ba, sai dai a sake ɗauka.

Darasi na 1: Mayar da fari fari

Ku buɗe Snapseed, manhajar kyauta ce. Ku zaɓi hoton, ku taɓa Tools, sannan ku nemi White Balance. Turanci ne, amma kada ya tsorata ku. Ku dubi haruffan kamar yadda suke a nan, ku nemi irinsu a fuskar waya, ɗaya bayan ɗaya.

Me ya mayar da shaddar rawaya? Kowane haske yana da kalarsa. Na ƙwan lantarki irin na da yana ja zuwa rawaya, na inuwa yana ja zuwa shuɗi, wasu dogayen fitilu kuma suna ja zuwa kore. Idonmu yana gyara wannan da kansa, waya kuwa tana cankewa ne, wani lokaci ta kuskure. Aikinmu irin na mai wanki ne da yake sa bula a farin kaya: ɗan shuɗi kaɗan ke kashe rawayar.

A ƙasan fuskar wayar akwai alamar ɗan bututu irin na ɗiga maganin ido. Ku taɓa shi. Wata da'ira za ta fito a kan hoton. Ku ja da'irar da yatsa, ku ajiye tsakiyarta a kan abin da kuka tabbata fari ne ko ruwan toka. Da haka kuke gaya wa waya cewa wannan wuri ba shi da kala, ita kuma sai ta gyara sauran hoton bisa wannan.

A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Abin da za ku taɓa dole ya zama fari a zahiri, a shagon, ba a hoto ba. A hotonmu shaddar ce, domin mun san fara ce. Bangon shagon fa? A hoto yana kama da fari, amma fentinsa ruwan madara ne. In kuka taɓa bango, waya za ta zuba shuɗi fiye da kima don ta mayar da shi fari, sai shaddar ta koma shuɗi-shuɗi, fuskar mai shago ta yi toka-toka kamar marar lafiya. Da kun ga haka, ku san wurin da kuka taɓa ne ba daidai ba. Ba ku ɓata komai ba. Ku ja da'irar ku mayar kan shaddar.

A kan shaddar ma akwai zaɓi. Shadda tana ƙyalli, kuma inda fitila ta haska ta ya yi fari fat, zaren ma ba a gani. Kada ku taɓa wurin. Haske ya ƙone shi, babu sauran kala a ciki da waya za ta auna, kuma za ku ga hoton bai canja ba ko kaɗan. Ku nemi inda zanen shaddar yake fitowa, kusa da ninki, inda farin ya ɗan yi sanyi.

Mu sake. Fari na gaskiya, ba bango ba. Inda ake ganin zare, ba inda yake ƙyalli ba. Ba ƙwan fitila ba, ba taga ba, ba hasken ƙofa ba. Na sha ganin ɗalibi ya ji wannan, ya gyaɗa kai, sannan ya kai yatsa kan fitila don ita ta fi komai haske. Haba jama'a! Ba haske muke nema ba, abin da ba shi da kala muke nema. Wanda bai riƙe wannan ba, kada ya wuce darasi na gaba.

In hajar ba ta da fari ko kaɗan, ku ajiye farar takarda a gefenta kafin ku ɗauki hoton. Ita za ku taɓa, daga baya ku yanke ta daga hoton.

In rawayar ba ta gama fita ba, ku ja yatsa sama ko ƙasa a kan hoton, ku zaɓi Temperature. Hagu yana ƙara shuɗi, dama yana ƙara rawaya. Ku ja hagu kaɗan, ku tsaya, ku duba shaddar. Tint kuma na kore ne da ruwan hoda, ku bar shi sai in hoton ya yi kore-kore. Da kun gamsu, ku taɓa alamar maki da ke ƙasa a dama.

Akwai inda wannan gyara ba ya ci. In rabin haja yana ƙarƙashin ƙwai, rabi kuma hasken rana ta ƙofa yana dukansa, gyara ɗaya ba zai ishi duka biyun ba: gefe ɗaya ya daidaita, ɗayan ya ɓaci. Ku kashe fitilar, ku matsar da hajar bakin ƙofa, ku sake ɗauka.

Darasi na 2: Fitar da hazo

Ku koma Tools, ku taɓa Tune Image, ku zaɓi Contrast. Shi ne ke raba duhu da haske, baƙi ya zauna baƙi, fari ya tashi. Hoton da aka ɗauka lokacin hunturu, ƙura ta cika gari, shi ya fi bukatarsa. Ku ja dama har lambar sama ta kai wajen +20, ku dubi leshin: hudojinsa da zanensa za su fara rabuwa. In zanen shaddar ya ɓace, ko ninkin leshin ya zama baƙi ƙirin, kun zarce, ku dawo baya. In farin ne kaɗai ya yi yawa, ku rage Highlights.

Kuma ku goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi. Sau da yawa hazon maiƙon yatsa ne.

Darasi na 3: Ƙara kala

Saturation, mai ƙara kala, shi ma yana cikin Tune Image. Shi ne na ƙarshe, don bayan gyara biyun farko kala ta riga ta dawo da yawa. Ku gwada +10. Ku riƙe leshin a hannu a hasken rana ku kwatanta da hoton. Wanda ya ja har +60 ya yaudari mai saye, kuma za a dawo masa da kaya. In an yi wannan kafin Darasi na 1, rawayar ce za ta ƙaru.

Darasi na 4: Ajiyewa da turawa

Ku taɓa alamar maki, sannan ku danne hoton da yatsa ku ga na asali, ku saki ku ga gyararren. Ku taɓa Export ku ajiye. WhatsApp yana matse hoto, don haka ku zaɓi HD ko ku tura shi a matsayin Document.

Aikin gida: ku ɗauki hoton haja ɗaya a cikin ɗaki da farar takarda a gefe, ku gyara, ku zo da na asali da gyararren ranar aji.