Yadda Ake Neman Samfur da Katalogi Daga Masana'antar Yadi a China Kafin Odar Farko

Mu ɗauka kai ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kana so ka daina sarin yadin yunifom a hannun dillalai ka fara ɗaukowa kai tsaye daga China. Da yawa daga masu irin wannan yadin za ka same su ne a yankin Keqiao na birnin Shaoxing, lardin Zhejiang, inda babbar kasuwar yadi take. Kafin ko dala ɗaya ta oda ta fita daga hannunka, ga yadda ake bi.

Da farko ka tabbatar da wanda kake magana da shi. Da yawa daga masu kiran kansu masana'anta a Alibaba 'yan tsakiya ne, sarowa suke yi su ɗora riba. Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsu. Akwai lamba mai gurbi 18 a jikinsa, da kuma layin da ke bayyana irin sana'ar da aka ba su izini. Ka ba wanda ya iya Sinanci ya karanta maka, ko sarrafa kaya aka rubuta ko saye da sayarwa kawai. Ɗan tsakiya ba laifi ba ne, wani lokacin ma shi ya fi dacewa da ƙaramar oda, amma ka san da wa kake ciniki.

Sai saƙon farko. Wanda ya rubuto "ku turo min katalogi da farashi" kawai, ba a ɗaukarsa da muhimmanci, don irinsa suna samun da yawa kullum. Ka faɗi sunan shagonka da garinka, sannan ka faɗi abin da kake nema dalla-dalla: yadin yunifom mai haɗin foliyesta kashi 65 da auduga kashi 35, wanda suke rubutawa T/C 65/35, faɗi santimita 150, nauyi 180 GSM, wato giram 180 a kowane murabba'in mita, kala shuɗi mai duhu, da kiyasin abin da za ka iya ɗauka a karon farko. Kada ka yi cika baki da kwantena biyar alhali mita dubu uku ce a aljihunka. Za su ba ka farashin kwantena biyar, ranar oda kuma su canza shi. Ka tuna China na gaban Najeriya da awa 7, don haka saƙon da ka tura bayan asuba shi ke samun amsa a ranar.

Katalogin da za su turo, ko PDF ne ko hotuna ta WeChat, amfaninsa ɗaya ne: ka zaɓi lambar kaya. Kowane yadi yana da lambarsa, kuma da ita za ka riƙa magana daga nan har ƙarshe, ba da "wancan shuɗin na shafi na huɗu" ba. Kala a fuskar waya ba abin dogaro ba ce, don haka ka nemi katin kaloli na zahiri, mai ƙyallayen yadi a manne. Tare da katalogin ka tambayi abu uku. Nawa ne mafi ƙarancin oda, wato MOQ, kuma a kan kowace kala ne ko a kan odar gaba ɗaya? Farashin FOB ne, wato wanda ya haɗa har da ɗora kaya a jirgin ruwa, ko na ƙofar masana'anta ne wanda kai za ka biya dako zuwa tashar jirgin ruwa? Sannan a mita ne ko a yadi? Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, mita 1,000 kuwa ta kai kusan yadi 1,094. Wanda bai lura da wannan ba sai ya ga farashi ya yi araha alhali ma'aunin ne ya gajarta.

Yanzu samfur. Ƙyalle mai girman takardar A4 galibi kyauta suke bayarwa, kai ka biya kuɗin aike. Amma ƙyalle ba ya isa gwaji. Ka nemi mita biyu na kowace lamba ko da za ka biya, ka kuma nemi a rubuta cewa za a cire kuɗin samfurin daga odarka. Idan masana'anta uku kake gwadawa, kuma ya kamata su kai ukun, ka sa duk su aika wa ejan ɗinka na kago a Guangzhou ya haɗa su kunshi ɗaya, maimakon biyan DHL sau uku. A rubuta sunan masana'anta da lambar kaya a jikin kowane yanki, don shuɗi uku in suka cakuɗe ba mai iya raba su.

Da kaya sun iso, kada ka tsaya a shafawa da hannu. Sitaci da sauran kayan gyaran fuska suna sa yadi mara nauyi ya yi kamar mai kauri. Ka yanki murabba'i santimita 10 da 10 daga tsakiya, ba daga gefe ba, ka kai wa masu sayar da gwal su ɗora a sikelinsu. Abin da ya nuna ka ninka sau 100. Yadin 180 GSM zai ba da giram 1.8. Idan 1.6 ka gani, 160 ne, an rage maka kusan kashi 11 cikin ɗari na yadin. A nan ne ake wani wasa: mai sayarwa ya ce maka nauyin 240 ne, ka ji daɗi, ashe nauyin mita ɗaya a tsawo yake nufi. Raba 240 da faɗin mita 1.5, sai ka dawo kan 160 ɗin. Kullum ka tambaya, a murabba'in mita ne ko a tsawon mita?

Daga nan ka auna faɗin da tef. Ka zana alamar santimita 50 a tsawo da faɗi, ka wanke da omo yadda uwar ɗalibi za ta wanke, ka shanya a rana, ka sake aunawa. In ya koma 48, ya tsuke da kashi 4, kuma tela ne zai sha zagi idan wando ya ɗage bayan wankin farko. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai da ƙarfi ka ga ko rini zai fita. Ka zare 'yan zarurruka ka ƙona: auduga tana barin toka mai laushi da warin takarda, foliyesta kuwa narkewa yake ya dunƙule da tauri. In dunƙulen kaɗai ya rage babu alamar toka, ka yi shakkar kashi 35 ɗin nan. Sauran yadin ka ba tela ya ɗinka riga ɗaya.

Duk wannan samfurin yadin da ke ajiye ne, wanda aka rina wa wani tun tuni. Naka ba a rina shi ba tukuna. Idan makarantar da kake kai wa tana da kalarta, ka aika musu da yankin yunifom ɗin, su yi maka gwajin rini su turo ƙyallaye biyu ko uku masu alamar A, B, C. Ka duba su a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago ba, ka zaɓi ɗaya a rubuce.

Wanda ka amince da shi ka raba biyu, ka sa hannu da kwanan wata a kowanne, ka riƙe ɗaya ka mayar musu da ɗaya. Sannan ka nemi takardar farashi ta wucin gadi, wadda banki ma zai buƙata idan za ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya Najeriya, a rubuta lambar kaya, haɗin zare, faɗi, GSM da iyakar bambancin da ka yarda da shi, da cewa kaya za su zo daidai da samfurin da aka sa wa hannu. Sunan da ke asusun da za ka tura kuɗi ya zama shi ne na lasisin da ka gani tun farko. Ka kuma sa sharaɗin cewa kafin ka biya cikon kuɗi, za a yanko mita ɗaya daga ainihin bandiran odarka a aiko maka.

Game da lokaci, masana'antu suna rufewa na makonni a hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Mai son yadi ya iso Kano kafin komawa makaranta a Satumba, ya fara neman samfur tun Maris.