Kurakuran da muke yi wajen sa wa asid, bes da pH suna da Hausa

Malaman kimiyya da ke rubuta darasin kemistiri da Hausa a nan Kaduna, ko na aji ne ko na lesin ɗin yamma, kusan matsala ɗaya ce ke damunmu. Sai ka ga abu ɗaya yana da suna uku a takarda ɗaya, ko kuma suna ɗaya an ɗora shi kan abubuwa uku. Yaro ya karanta shafi na biyu an ce tsami, shafi na biyar an ce asid, na tara an ce ruwan batir, shi kuma ya ɗauka abubuwa ne daban daban. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne kowane suna ya zama yana da fomula ɗaya tak a bayansa.

Na farko dai, kiran asid da tsami. Gaskiya ne lemun tsami da tsamiya da nono mai tsami duk akwai asid a cikinsu, amma tsami ɗanɗano ne, harshe ke jin sa, kuma dokar farko a lab ita ce ba a ɗanɗana komai. Ruwan batir ma ba zai yi ba, don shi abu ɗaya ne, H₂SO₄ da aka surka da ruwa, wanda masu cajin batir a Panteka suka sani. A bar asid kawai, kowa ya san kalmar, tsami kuma ya zauna a jerin alamomin asid.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bes. Da yawa sukan rubuta kanwa, saboda duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar tumatur ta san tana kashe tsami, kuma eh, ruwan kanwa bes ne. To amma bari mu bi misalin har ƙarshe. Littafi yana so ya koyar da wannan:

HCl + NaOH → NaCl + H₂O

Mai fassara sai ya rubuta "tsami da kanwa in sun haɗu suna ba da gishiri da ruwa". Yarinya ta koma gida Tudun Wada, ta jiƙa kanwa ta matsa lemun tsami a kai, me za ta gani? Kumfa yana tashi. Ta koma littafi babu maganar kumfa ko kaɗan, sai ta ce ko dai littafin ya yi ƙarya ko ita ce ba ta iya ba, alhali ita ce ta yi daidai. Kanwar kasuwa yawancinta Na₂CO₃ ne da NaHCO₃ haɗe da gishiri da ƙasa, kuma duk sinadarin kabonet in ya haɗu da asid sai ya saki iskar CO₂, kumfan ke nan. NaOH kuwa ba ya sakin wannan iska. Wato da kalma ɗaya an cakuɗa darasi biyu da ake tambayar su daban a jarabawar WAEC da NECO. Sannan ga masu fassara kanwa da fotash suna rubuta mata fomular fotasiyam, alhali sodiyam ne a cikinta. Mai fotasiyam ɗin shi ne ruwan toka, wanda ke ɗauke da K₂CO₃.

Gyaran shi ne a ce bes ga rukunin baki ɗaya, kanwa da ruwan toka su shigo a matsayin misali. Wanda ke narkewa a ruwa kuma a ce narkakken bes, don in ka rubuta alkali, yaro alƙalin kotu zai karanta, balle a waya da mutane ba sa sa lanƙwasa.

Gishiri ma haka. A jimlar can sama kalmar ta yi daidai don NaCl ne ya fito, amma CuSO₄ shuɗi shi ma gishiri ne a kemistiri, kuma guba ne. Sai a riƙa cewa gishirin miya ga NaCl, gishirin sinadari ga rukunin, kada a bar kalmar ita kaɗai.

Soda kam abin tsoro ce wallahi. Mai yin sabulu in ta ce soda, NaOH take nufi, wadda ke cin fata kuma tana makantar da ido. Mai yin kek in ta ce soda, NaHCO₃ take nufi, wadda ake ci. Ga kuma Na₂CO₃ ta wanki. Dukansu farare ne, kuma a Kasuwar Bacci ko Kawo a leda ake ƙulla irin waɗannan kaya ba rubutu. Littafin da ya rubuta soda kawai bai kyauta wa kowa ba. Sodar sabulu, sodar kek, sodar wanki, kowacce da fomularta a gefe duk lokacin da aka ambace ta.

Sai pH. Kada a fassara shi, kada a sauya masa rubutu, ƙaramin p babban H, haka ake rubuta shi a ko'ina. Wani masanin Denmak mai suna Sørensen ne ya kawo ma'aunin a 1909. Kuskuren da aka saba shi ne a kira shi ma'aunin tsami sannan a tsaya nan, sai yaro ya ɗauka in lamba ta hau asid ya ƙaru, alhali akasin haka ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, tsantsar ruwa 7, jinin mutum kusan 7.4. Kuma kowane mataki ninki goma ne na H⁺, shi ya sa pH 3 ya fi pH 5 sau ɗari, ba sau biyu ba. A rubuta "pH ya sauka, asid ya ƙaru" a jimla ɗaya, kada a rabu da wannan.

A nan ne kuma kalmar ƙarfi take rikita mu, don ana amfani da ita ga abu biyu. Asid mai ƙarfi shi ne wanda ke sakin H⁺ ɗinsa gaba ɗaya a ruwa kamar HCl, mai rauni kuma kaɗan yake saki kamar CH₃COOH na cikin binega. Yawan asid a cikin ruwan wata magana ce daban, ni ina cewa mai kauri da surkakke, kamar yadda ake cewa a koko. Duba: HCl da aka surka ya koma 0.01 mol a lita yana da pH 2. Binegar kanti mai kashi 5 cikin ɗari tana da kusan 0.8 mol a lita, wato asid ɗin da ke cikinta ya ninka wancan kusan sau 80, amma pH ɗinta na wajen 2.4, bai kai na HCl ɗin sauka ba. In ka kira su duka "mai ƙarfi", ta yaya yaro zai warware wannan?

Yadda za a yi a aikace ba wuya. Kafin a fara rubutu, malaman da ke aikin su zauna su yi teburi mai gida uku, fomula, sunan aji, sunan kasuwa in akwai. Sunan aji a ara shi a rubuta da baƙaƙen Hausa, amma a kula da ƙarshen kalma sosai, salfayid na S²⁻, salfayit na SO₃²⁻, salfet na SO₄²⁻, harafi ɗaya in ya faɗi sinadarin ya canza. In an gama rubutu a bi takardar fomula bayan fomula, a ƙirga suna nawa kowacce ta samu, sannan a ba wani ɗan aji huɗu na sakandare da bai ga teburin ba, a karanta masa sunan ya rubuta fomula. Duk sunan da ya tsaya yana tambaya "Malam wanne daga ciki?" shi ne za a mayar teburi a gyara.