Yadda ake zaɓen bulosh da inda za a ɗora shi a kumatu

Idan kin shafa bulosh kika ga kumatunki sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, yawanci kalar ce ta yi wa fatarki haske. Bulosh mai ruwan hoda marar ƙarfi yana da farin sinadari a cikinsa, kuma wannan farin ne ke fitowa a kan baƙar fata.

Don haka ki fara da kala. Farar mace, ruwan hoda mai sanyi ya ishe ta. Mai wankan tarwaɗa ta nemi ruwan goro ko ja mai ratsin ruwan ƙasa. Baƙar mace kuwa ta ɗauki ruwan zoɓo, ko ruwan lemo mai ƙarfi, kada ta ji tsoro don ta gan shi jawur a cikin kwalinsa, domin fata tana shanye kaifinsa. A kunci ake gwadawa, kusa da taga da rana, saboda bayan hannu da hasken shago duk suna yaudara.

Sai wurin ɗorawa. A ce fuskarki zagayayya ce, kuma baƙa ce ke. Bayan fandeshan da hoda, ki lalubo ƙashin kuncinki da yatsa. Ki dangwali bulosh da buroshi, ki kaɗe shi a bakin kwalin har ƙurar ta zube. Ki fara daga saitin ƙarshen idonki, ki ja sama zuwa saman kunne. Ki bar faɗin yatsu 2 tsakaninsa da hanci, kada kuma ya sauko ƙasa da saitin ƙofar hanci. Ni ba na son a yi murmushi lokacin shafawa: murmushi yana ɗaga kumatu, kina sakin fuska kalar za ta sauko, fuskar ta yi kamar ta zazzago.

Doguwar fuska akasin haka take so. A kwance ake jansa, daga tsakiyar kunci zuwa tsakiyar kunne, don ya katse tsawon. Mai faɗin muƙamuƙi ta murza shi a zagaye a tudun kunci.

Idan hijabi za ki sa, ko mayafin da zai rufe gefen fuska, ki sa shi tukuna ki duba madubi. Abin da kika ja zuwa kunne zai ɓuya, ya kuma ɓata miki yadi, saboda haka ki tsaya inda bakin hijabin ya tsaya.

Da hunturu fata tana bushewa, garin bulosh sai ya yi dabbare-dabbare. Lokacin nan mai maiƙo ya fi, amma kafin hoda ake sa shi, ana dannawa da yatsa ba gogawa ba. In ya yi yawa kada ki goge da tsumma. Ki ɗauki soson da kika yi fandeshan da shi, ki daddanna gefe-gefen har layin ya ɓace.