Yadda Ake Rubuta Dukiyar Mamaci Kafin Rabon Gado

Da farko a zaɓi marubuci ɗaya da shaidu biyu amintattu waɗanda ba su da kaso a gadon. Kada a buɗe ɗaki ko akwatin mamaci sai kowane ɗaki ya turo wakilinsa, musamman idan ya bar mata fiye da ɗaya, domin zargi daga nan yake farawa.

A sami littafi mai lambobin shafi, a rubuta komai da lambarsa: gida, gona, dabbobi, kayan shago, kuɗin banki, har tufafi. Gona a faɗi iyakokinta huɗu da takardarta, dabba a faɗi jinsi da wanda take hannunsa kiwo.

Sai a ware abin da ba nasa ba. Nan ake yawan zalunci ba da gangan ba. Gadon kwana da kwanukan da mace ta zo da su nata ne, haka ajiyar mutane, da kyautar da ya bayar aka karɓa tun yana raye. Abin da ake jayayya a kai a ba shi shafinsa daban, kada a yanke hukunci a wurin.

Bashi ma shafi biyu ne: wanda yake bi da wanda ake bin sa, har da ragowar sadaki. Wasiyya a rubuta ta da shaidunta, ba ta wuce sulusi sai da yardar magada.

Masana kasuwa su yi ƙima da farashin ranar, a sa kwanan wata. A karanta wa kowa da babbar murya, a tura wa na nesa hoton shafukan, marayu waliyyinsu ya duba musu. Bayan gyara kowa ya sa hannu ko ya dangwala, sannan a kai wa malami ko alƙali.